Karta da ɗan ludo sun rikita ni a lissafin yiwuwa

Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare a Tudun Wada, Kaduna, bana zan zana WAEC. A jarrabawar gwaji an tambaye mu yiwuwar a zaro sarki sau biyu a jere daga karta ba tare da an mayar da na farko ba. Na rubuta 4/52 × 4/52, malaminmu ya soke, ya ce lambobin raguwa suke yi a zara ta biyu. Da aka zo gwaji na gaba aka tambayi yiwuwar shida ta fito sau biyu idan an jefa ɗan ludo sau biyu, sai na rage, na rubuta 1/6 × 1/5. Nan ma aka soke. Ni ban taɓa riƙe karta ba, a gidanmu ba a shigo da ita. Yayana kuma cewa yake yi ba ni da kan lissafi, wai ko a ludo kowa ya san wanda ya daɗe bai ci shida ba, shidarsa ta kusa. Ina kuka a ɓoye. Yaushe ake ragewa, yaushe ba a ragewa?

Wa alaikumus salam, 'yata. Share hawayenki. Wadda aka yi wa gyara ta riƙe gyaran har ta ɗauke shi zuwa jarrabawa ta gaba, tana da kai, kuma tana saurare. Abin da ya faru shi ne an ba ki doka ba a ba ki dalilinta ba, kuma an sa ki ƙirga abin da idonki bai taɓa gani ba. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma kusan duk shekara sai na tarar da 'yan mata irinki, waɗanda ba su san ko ganye nawa ne a cikin karta ba, suna jin kunyar tambaya. To bari mu fara daga nan.

Kartar da masu jarrabawa suke nufi ganye 52 ce. Ba ita ce wot ɗin da ake bugawa a bakin titi ba, wannan tsarinta daban ne, ki cire ta daga ranki. Ganyen 52 sun kasu gida huɗu, kowane gida ganye 13. Gida biyu jajaye ne, biyu baƙaƙe, wato ja 26, baƙi 26. A kowane gida akwai ganye mai harafin A, sai masu lamba daga 2 zuwa 10, sai uku masu hoto: J, da Q wadda ita ce sarauniya, da K wanda shi ne sarki. Ke nan sarki huɗu ne a karta gaba ɗaya, sarauniya ma huɗu.

Ba na so ki saɓa wa iyayenki, kuma ba ki buƙatar sayen karta. Ki samo tsohuwar kalanda ko kwalin sukari, ki yanka gutsattsari 52 masu girma ɗaya. Ki ɗauki biro ja da baƙi, ki rubuta A, 2, 3 har zuwa K sau huɗu, sau biyu da ja, sau biyu da baƙi, ki yi wa kowane gida 'yar alamarsa a gefe. Ki nuna wa Umma ki gaya mata kayan darasi ne, kamar yadda ƙwallayen ƙirga suke a firamare. Ki zuba su a cikin leda baƙa wadda ba a ganin cikinta. Wannan ledar za ta koya miki abin da allo bai koya miki ba.

Yanzu ki sa hannu ki zaro ɗaya. Kafin ki duba, ki tambayi kanki: ganye nawa ne a ledar, kuma nawa ne daga ciki abin da nake nema? Akwai 52, sarki huɗu. Yiwuwar ki ci sarki 4/52 ce. Mu ɗauka kin ci shi. Ki ajiye shi a kan tabarma kusa da ƙafarki, kada ki mayar. Ki zazzage ledar ki ƙirga da hannunki. Za ki samu 51, ki tsinto sarakunan, za ki samu uku, domin na huɗun ga shi can a kan tabarma. Yiwuwar zara ta biyu ta zama 3/51. Tun da ana so na farko ya faru kuma na biyu ya faru, sai a yi sau:

4/52 × 3/51 = 12/2652 = 1/221

Ba wata doka ce ta rage lambobin ba. Hannunki ne ya rage su lokacin da kika ajiye ganyen a tabarma. Da kin mayar da shi kin girgiza ledar, da ta koma yadda take, 52 da sarki huɗu, kuma da amsarki ta farko ta zama daidai, 1/169. Lissafinki bai karye ba, tambayar da ba a yi miki ba kika amsa. Irin wannan da zara ta farko take canza abin da ya rage wa ta biyu shi ake kira abubuwa masu dogaro da juna. A littafi, inda P take nufin yiwuwa, A abu na farko, B abu na biyu, A ∩ B kuma dukansu biyu su faru, za ki ga an rubuta shi haka:

P(A ∩ B) = P(A) × P(B|A)

Wannan tsayayyen layi da ke tsakanin B da A ma'anarsa kawai "bayan an san A ya faru". Wato ki sake leƙa ledar ki ƙirga.

Sai mu koma ga ɗan ludo. Ki ɗauko shi ki jujjuya a tafin hannunki. Fuska shida gare shi. Ki jefa, a ce shida ta fito. Ki ɗaga shi ki sake dubawa: fuskar mai ɗigo shida ta goge? Ta faɗi ƙasa? Tana nan daram, fuskoki shida suna nan. Babu abin da aka ajiye a tabarma. Saboda haka jifa na biyu 1/6 ne kamar na farko, amsar kuma 1/6 × 1/6 = 1/36. Waɗannan su ne abubuwa masu zaman kansu, ba ruwan na biyu da abin da na farko ya yi, kuma tsarinsu P(A ∩ B) = P(A) × P(B).

Ina so ki tsaya a kan 1/5 ɗin da kika rubuta, domin akwai darasi a cikinsa. Idan da gaske fuskar da ta fito tana fita daga wasa, to shidar ce za ta fita, kuma a jifa na biyu babu sauran shida ko ɗaya. Amsar za ta zama 0/5, ba 1/5 ba. Kin rage lambar ƙasa kin bar ta sama, alamar cewa hannu ne yake bin doka, ido ba ya kallon abin. Duk lokacin da za ki rage, ki iya nuna abin da ya fita da yatsa. In ba za ki iya nuna shi ba, babu ragi.

Don ki ga 36 ɗin da idonki, ki ja layuka a takarda, gida shida a tsaye, shida a kwance. Na tsaye jifa na farko, na kwance jifa na biyu. Kowane ɗan akwati sakamako ɗaya ne: 1 da 1, 1 da 2, har zuwa 6 da 6 a kusurwar ƙarshe. Akwati 36, kuma ɗaya ne kacal yake da shida biyu. Ki adana wannan takarda, za mu dawo kanta.

Akwai wurin da ɗalibai suke sake faɗuwa ko bayan sun gane wannan, shi ne su ɗauka kullum lambar sama da ta ƙasa tare suke raguwa. A ce an tambaye ki yiwuwar ganye na farko ya zama sarki, na biyu sarauniya, ba a mayar ba. Sarki ya fita, ledar ta koma 51, amma sarauniyoyi ba wanda ya taɓa su, huɗu suke. Ke nan 4/52 × 4/51, wato 16/2652, a taƙaice 4/663. Ta ƙasa ta ragu, ta sama ba ta ragu ba. Wadda ta haddace "a cire ɗaya sama, a cire ɗaya ƙasa" za ta rubuta 3/51 ta faɗi. Wadda ta leƙa leda ba za ta faɗi ba.

Ki kuma kula da yadda aka jera maganar. In an ce sarki da farko sannan sarauniya, hanya ɗaya ce. In kuwa an ce kawai a samu sarki ɗaya da sarauniya ɗaya, hanya biyu ce, domin sarauniyar tana iya rigan fitowa. Sai ki lissafa kowace hanya ki tara, 4/663 da 4/663, su ba ki 8/663. Haka yake a kwabo. In aka wurga kwabo biyu, sakamakon huɗu ne, HH, HT, TH, TT, inda H take kai, T take bayan kwabon. Samun kai ɗaya da baya ɗaya 2/4 ne, wato rabi, domin HT da TH ba abu ɗaya ba ne ko da sun yi kama a ido. Wani abin kuma, idan tambaya ta ce an zaro ganye biyu lokaci guda, daidai yake da a zaro ɗaya bayan ɗaya ba a mayar ba, tun da ganye ɗaya ba zai zama a yatsunki sau biyu ba.

Ga hanyar da nake so ki riƙa gwada amsarki a ɗakin jarrabawa, ba sai kin jira malami ya soke ba. Idan kika lissafa duk abin da zai iya faruwa, jimlarsu dole ta zama 1. Ɗauki launi. Ganye biyu, ba a mayar ba. Ja da ja: 26/52 × 25/51, wato 25/102. Baƙi da baƙi ma 25/102. Ja sannan baƙi: 26/52 × 26/51, wato 26/102, baƙi sannan ja shi ma 26/102. Tara su: 25 da 25 da 26 da 26 sun ba da 102, bisa 102. Ya cika 1 cif. Da kin yi kuskuren ragi a wuri ɗaya, jimlar za ta gaza ko ta zarce, nan take za ki san akwai ɓaraka. Minti ɗaya wannan gwajin yake ci.

Yanzu maganar yayanki. Ba zan ce ki yi masa rashin kunya ba, yayanki ne, amma abin da ya faɗa game da ludo kuskure ne, kuma shi ne kuskuren da kika yi a gwaji na biyu, sai dai nasa ya sa riga. Yana ɗauka ɗan ludo leda ce, wai duk jifan da bai ba da shida ba ya cire wani mugun ganye, saura masu kyau. Ɗan ludo ba ya tuna komai. Ko mutum ya yi jifa goma bai ci shida ba, na sha ɗaya 1/6 ne. Abin da yake ruɗin mutane shi ne suna ganin daɗewa ba shida abin mamaki ne, alhali ba haka ba ne. Yiwuwar kada shida ta fito a jifa ɗaya 5/6 ce. A jifa biyar a jere sai ki yi 5/6 sau kanta har sau biyar, ki samu 3125/7776, kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato a cikin mutum goma da suka zauna fara ludo, kimanin huɗu za su yi zagaye biyar 'ya'yansu na cikin gida ba su fito ba. Ba rashin sa'a ta musamman ba ce, kuma ba bashi ba ne da ɗan ludo zai biya.

Haka kwabo. Kafin a fara wurgawa, yiwuwar kai ya fito sau shida a jere 1/64 ce, ƙarama. Amma in an riga an wurga sau biyar duk kai, biyar ɗin sun wuce, ba sauran shakka a kansu. Abin da ya rage wurgi ɗaya ne, kuma rabi da rabi ne. Tambayoyi biyu ne mabambanta, ɗaya ana yin ta kafin a fara, ɗaya a tsakiyar hanya. Wannan ruɗin ya cinye dukiyar mutane da yawa a wajen caca, suna ƙara zubi suna cewa yanzu kam dole ta juya, shi ya sa nake so ke da yayanki ku gane shi sosai, ba don jarrabawa kaɗai ba.

Daga wannan 5/6 ɗin ne kuma za ki samu mabuɗin tambayoyin da suke cewa "aƙalla sau ɗaya". A ce jifa huɗu, ana neman shida ta fito aƙalla sau ɗaya. Zuciya za ta ce ki tara 1/6 sau huɗu ki samu 4/6. Ki gwada wannan tunanin da jifa bakwai, zai ba ki 7/6, yiwuwa kuwa ba ta wuce 1, to kin ga hanyar ba ta ɓulle ba. Abin yi shi ne ki lissafa kishiyar, wato shida ba ta fito ko sau ɗaya ba: 5/6 sau huɗu a jere ya ba da 625/1296. Ki cire daga 1, saura 671/1296, ya ɗan haura rabi kaɗan. Irin waɗannan tambayoyi na wasa ne suka sa masana biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a 1654, kuma daga wasiƙun ne ake ƙirga farkon wannan fanni. Manyan masana sun zauna sun yi gumi a kan abin da yake ba ki wahala, ba ƙaramin kai ne ya kawo ba.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, domin ina tsoron ki fita daga nan da sabuwar hadda: "karta dogaro, ɗan ludo zaman kai". Wannan ma zai kayar da ke wata rana. Kin riga kin ga karta tana zama mai zaman kanta in an mayar. To ɗan ludo ma yana iya kawo dogaro, in abubuwan da ake tambaya sun haɗa jifa ɗaya.

Ɗauko takardarki mai akwati 36. A ce A shi ne jifa na farko ya ba da shida, B kuma jimlar jifa biyun ta kai 10 ko fiye. Ƙirga akwatunan B: 4 da 6, 5 da 5, 5 da 6, 6 da 4, 6 da 5, 6 da 6. Shida ne, ke nan P(B) = 6/36 = 1/6. Yanzu an gaya miki na farko shida ne. Ki sa tafin hannu ki rufe duk layukan sai layin shida. Akwati shida suka rage a buɗe, a cikinsu uku ne suka kai 10, wato inda na biyu ya ba da 4, 5 ko 6. Yiwuwar ta tashi daga 1/6 ta koma rabi. Jifan biyu ba ruwansu da juna, amma jimla ta dogara da jifa na farko, domin yana cikinta. Da kin yi sau kai tsaye, 1/6 × 1/6, da kin samu 1/36, alhali akwatunan da suka cika sharaɗi biyun uku ne, 3/36. Lambobin ba su zo ɗaya ba, wannan shi ne shaidar dogaro. Tafin hannun da kika rufe takarda da shi aikinsa ɗaya da ganyen da kika ajiye a tabarma: ya rage abin da ake ƙirgawa.

Ki sake gwadawa da jimlar 7. Akwatunanta shida ne, 1/6. Ki rufe duk layuka sai na shida, akwati ɗaya ne ya ba da 7, wato 6 da 1, cikin shida. Har yanzu 1/6. Sanin jifa na farko bai motsa komai ba, don haka waɗannan biyun masu zaman kansu ne. Ɗan ludo ɗaya, takarda ɗaya, amsa biyu. Ba sunan kayan wasan ne yake yanke hukunci ba, ƙirgar ce.

Ga abin da za ki yi a makon nan. Bayan kin yanka ganyayenki, ki ware guda shida kawai, sarki biyu da wasu huɗu, ki zuba a leda. A takarda, sarki biyu a jere ba a mayar ba 2/6 × 1/5 ne, wato 1/15, in an mayar kuma 2/6 × 2/6, wato 1/9. Ki zara sau 90 ta kowace hanya, kina yin ɗan layi a littafi duk lokacin da biyun suka zo sarki. Lissafi yana sa ran kusan 6 a ta farko, kusan 10 a ta biyu. Ba lallai su zo cif ba, 90 ba ta da yawa, za su iya yin sama ko ƙasa, sai an yawaita zara suke matsowa kusa. In za ki gwada na kwabo, ki nemi kwabo na gaske ko da tsohon naira ɗaya ne a akwatin Umma. Kada ki yi amfani da murfin kwalbar lemo, gefensa biyu ba nauyi ɗaya ba ne, kuma duk lissafin rabi da rabi ya ginu ne a kan cewa ba gefen da ya rinjayi ɗaya.

Ki roƙi yayanki cikin ladabi ya riƙe miki ledar yana girgizawa, ke kina zara kina rubutawa. Bayan nan ki miƙa masa ɗan ludo, ku rubuta abin da yake fitowa a jifan da ya biyo bayan duk jifa uku da ba shida, ku ƙirga tare. Daga nan ki ɗauko tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO na wannan darasi, ki yi guda goma, a gefen kowace zara ta biyu ki rubuta da fensir "saura nawa, nawa nake nema" kafin ki sa lamba. Ki aiko min da abin da kika samu, da waɗanda suka ƙi. Allah ya ba ki sa'a, 'yata.